Takwas da Biyu

Ni ɗan Madrid ne. Gara in faɗa tun daga farko, don ƴan Barsa da ke cikin ƙungiyarmu ta marubuta su san da wa suke yi. Taubashina kuwa, ɗan gwaggona, ɗan Barsa ne na a mutu. Tare muka tashi a Cake, garin nan na ƙasar Mayahi da takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké. Tsakanin gidanmu da nasu bai fi jifa biyu ba. Tare muka yi firamare, tare muka yi kolej, tare aka tura mu lise a Tasawa. Tun muna buga ƙwallon tsumma a bayan gari yake kiran kansa Messi, ni kuma Ronaldo, alhali dukkanmu ko takalmi ba mu da shi.

Akwai wasa iri biyu a tsakaninmu. Na farko mun gaje shi: shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, don haka tun kafin mu yi wayo aka ba mu izinin cin fuskar juna. Ina ce mishi bawana, yana ce mini ubangidan da ba shi da ko akuya. Na biyu mu muka ƙirƙiro shi da kanmu a gaban tele. Na daɗe ina zaton duk abu ɗaya ne, sai da wani dare na damina ya nuna mini inda suka rabu.

A watan Agusta na 2020 ne. Saboda korona an jinkirta gasar Zakarun Turai, aka zo ana buga ta ba ƴan kallo a fili. Mu kuwa muna gida hutu, da safe gona, da dare gidan kallo. Wanda bai san gidan kallon ƙauye ba, rumfa ce ta zana, da bencina, da tele bisa tebur, da gurup yana kuka a waje. Ka biya dala goma ko ashirin a bakin ƙofa, gwargwadon girman wasa, ka nemi wuri. In hadari ya taso hoto ya daskare, a yi ta zagin girgije har ya wuce.

Ranar 7 ga Agusta Manchester City ta fitar da mu. Ci biyu da ɗaya aka tashi, kuma duka ƙwallayen biyu kuskuren ɗan bayanmu Varane ne ya jawo su. Ta farko an ƙwace a ƙafarsa a bakin gida, Sterling ya zura. Ta biyu ya so ya mayar wa gola da kai, ta gaza, Gabriel Jesus ya tsinta. Da aka tashi taubashina bai yi ihu ba. Ya tako har inda nake zaune, ya durƙusa kamar mai gaisuwar mutuwa, ya ce: "Ubangidana, Allah shi karɓi sadakar Varane. Yau Juma'a, ya ciyar da mabuƙata har biyu." Rumfa ta kwashe da dariya, har da ni. Kwana uku in ya gan ni sai ya tambaya ko gidanmu ana rabon sadaka yau ma.

Ku lura da wannan tsokanar, don ita ce ma'aunin da zan dawo gare shi. Ta yi zafi, amma Varane ta taɓa. Varane bai san akwai Cake a duniya ba. Abin da aka ci mini fuska a kai ba ni na aikata shi ba, ba zai hana ni cin tuwo ba, kuma kowa a rumfar ya san za a sake buga wani wasa. Na haɗiye, na rubuta a zuciyata cewa ina bin bashi.

Bashin bai daɗe ba. Mako guda daidai, Juma'a 14 ga Agusta, Barsa ta haɗu da Bayern Munich a Lizbon, wasa ɗaya tak, wanda ya faɗi ya tafi gida. Da ƙarfe takwas na dare aka take. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Bayern na da huɗu, Barsa ɗaya, ita ma ɗayar ɗan bayan Bayern ne, Alaba, ya ci gidansu. Aka dawo Suárez ya rama ɗaya, ƴan Barsa suka ɗan ɗaga kai, sai ruwa ya ci gaba. Abin da ya fi ba mu daɗi, mu ƴan Madrid, shi ne biyun ƙarshe: Coutinho ne ya ci su, ɗan wasan Barsa da suka ba Bayern aro. Takwas da biyu.

Muka fito muka nufi fada, aka hura gawayi aka ɗora shayi. Mu wajen goma sha biyu ne, ƴan Barsa huɗu a ciki. Aka fara yanka. Wani ya ce wannan ba sakamakon ƙwallo ba ne, lokacin shiga aji ne, ƙarfe takwas da minti biyu. Wani ya ce Barsa ta ara wa maƙwabci wuƙa ya zo ya yanka akuyarta. Mai dafa shayi ya rantse ba zai zuba wa ɗan Barsa ba sai ya ƙirga sukari guda takwas da bakinsa. Taubashina yana dariya yana karewa iyakar ƙarfinsa. Ya ce su dai sun kai Lizbon, mu a Manchester aka sauke mu daga mota. Duk wannan wasa ne, ana jefawa ana mayarwa.

Sai na ji nawa bai fito ba. An riga an kwashe maganganu masu daɗi, ni da nake bin bashi ban samu wadda za ta tayar da fada ba. Akwai wani abu da na sani, kowa ma a wurin ya sani, amma ba mai furta shi. Shekarar da ta wuce an sallami taubashina daga lise. Ya riga ya maimaita ajin sau ɗaya, a karo na biyu muwayan ɗinsa ta tsaya a takwas da ɗan wani abu bisa ashirin. Ni na wuce gaba, shi ya dawo Cake yana noma, yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Sai na buɗe baki na ce: "Bawana, kai dai takwas ta san gidanku. A lakkol takwas, a Lizbon takwas."

An yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Mutum biyu ko uku ne suka yi, gajera, sauran suka kalli ƙasa. Mai shayi ya shiga fifita gawayin da ya riga ya kama. Taubashina ya yi murmushi, ya shanye kofinsa na farko, ya ajiye a hankali, ya ce: "Gaskiya ne." Ya tashi, ya ce da safe akwai gona. Bai jira na biyu ba.

Kun san dokar fada: mai lafiya ba ya tashi bayan kofin farko. Na farko ɗaci ne, hira a na biyu take, zaƙi a na uku. Na ga ya tafi, amma na ce wa kaina zafin kaye ne, gobe zai huce. Ashe na karanta alamun a baibai. Mutumin da tsokana ta ci yakan ɗaga murya, ya kawo tarihi, ya tuna maka ranar da aka ba ku biyar a 2018, ya zagi alƙalin wasa. Duk wannan yana nufin har yanzu yana cikin wasan. Wanda ya yi shiru ya ce maka "gaskiya ne", ya fita daga wasan ke nan. Tun daga ranar na daina tsoron mai ihu. Mai murmushin da ba ya mayar da martani nake dubawa.

Washegari muka haɗu a hanyar gona. Ya gaishe ni: "Ina kwana, an tashi lahiya?" Cikakkiyar gaisuwa, ta ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo. Taubashin da a rayuwarsa bai taɓa gaishe ni ba tare da ya haɗa da zagi ba. Ya daina zuwa fadarmu. A gidan kallo in na zauna gaba ya zauna baya. Ranar 23 ga wata, da Bayern ta ci Paris ɗaya da nema ta ɗauki kofi, na shirya maganar da zan ba shi don sulhu, cewa ai zakara ne ya cinye su, ba kunya. Na waiga ban gan shi ba.

Abin ya fito fili ne a ƙarshen wata, lokacin Cika-ciki. A gidanmu al'ada ce duk shekara ɗan mace ya zo da tsintsiya ya share ƙofar ɗan namiji sau biyu ko uku, ya tsaya sai an biya shi kuɗin shara. Tun muna yara yake zuwa, ya tayar mini da ƙura a ɗaki, in ba shi dala biyar, ya ce ubangidan matsiyaci, a yi ta kokawa har inna ta kore mu. Wannan shekarar na tanadi dala ashirin. Rana ta faɗi bai zo ba. Inna ta tambaya, na ce wataƙila ya tafi kasuwa da babur. Kwana biyu bayan haka gwaggo ta aiko a kira ni.

Na same ta tana tankaɗe. Ba ta san Barsa ba, ba ta san Bayern ba, amma wani ya kai mata maganar kalma da kalma. Ta ce: "Kai ɗan nan, zauna. Mi ya haɗa ka da ɗan'uwanka?" Na ce wasa ne, Gwaggo, wasan ƙwallo, kuma ai taubashina ne. Ta ajiye rariya ta ce: "Ni ma ina da taubasai. Shekara hamsin muna yi. Ina ce musu ɓarayi, suna ce mini mayya. Ka taɓa jin na ce ma wadda ba ta haihu ba juya? Abin da ba gaskiya ba shi aka wasa da shi. Naka gori ne."

Kalmar da na rasa ke nan. Tsokana daban, gori daban, kuma harshenmu ya raba su tun kafin a kawo tele. Na yi ta juya maganar gwaggo, na ga haka duk wasannin da muka gada suke. Bafulatani ya ce wa Babarbare bawansa ne, Babarbare ya ce ƙarya ne shi ne ubangida, kuma ba wanda ya mallaki wani. Bagobiri da Bayarabe haka. Zargin ƙarya ne, kowa ya san ƙarya ne, shi ya sa ake iya faɗinsa da babbar murya a tsakiyar kasuwa. A lakkol an koya mana cewa a 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun duniya, mun haddace don jarrabawa. Abin da ba a koya mana ba shi ne abin da ke riƙe da shi: ana cin fuska, amma ba a taɓa inda ke ciwo da gaske.

A nan wasan ƙwallo ya fi na taubasai santsi. A ƙwallo gaskiya ake faɗi. Takwas da biyu ya faru, an rubuta, ba mai gogewa. Abin da ke mayar da shi wasa shi ne gaskiyar ta wasu ce can nesa, attajirai da ke kwana a otal ko sun ci ko an ci su. Mu aron kunyarsu muke yi na dare ɗaya, kamar yadda muke aron rigarsu. Da yake baki ya saba faɗin gaskiya yana samun tafi, taki ɗaya ne tsakanin gaskiyar Barsa da gaskiyar mutumin da ke zaune kusa da kai. Ni lamba ɗaya ce ta tsallakar da ni. Kunyar Lizbon tana wucewa da wasa na gaba. Takardar sallama daga lise ba ta da zagaye na biyu.

Akwai kuma abin da ban gani ba a daren, sai daga baya. Tsokana tana tsayawa ne a kan ramuwa. Na yi maka yau, ka yi mini gobe, kowa ya san juyi zai zo. Da ya yi mini ta Varane, ina da abin jira. Ni da na yi mishi ta lakkol, da me zai rama? Ni ke aji, shi ke kan babur. Na buga ƙwallo a filin da shi ba ya da raga a gabansa. Kuma na yi ne gaban mutum goma sha biyu, da yawansu ƴan lakkol. In da mu biyu ne a hanyar gona, wataƙila ya zage ni a wuce wurin. Taro ne ya sa na nemi maganar da ta fi ta kowa, taro ne kuma ya sa ta yi nauyi.

Gwaggo ba ta ce in ba shi haƙuri ba. Cewa ta yi: "Kuɗin shara bashi ne. In bai zo amsa ba, kai mishi." Na tafi da yamma na same shi yana wanke babur. Na miƙa dala ashirin na ce ga haƙƙinka. Bai karɓa ba. Sai na faɗi abin da ya kamata tun mako biyu da suka wuce, ba tare da "ai wasa ne" a ciki ba. Na ce maganar da na yi ba ta ƙwallo ba ce, na sani lokacin da nake yin ta, kuma na yi ne don a yi mini dariya. Ya daɗe yana goge taya. Can ya ce: "Ka san abin da ya ƙona mini rai? Kai kaɗai ka ga na yi kuka ranar da anka kafa sakamako." Ban da amsa. Ya karɓi kuɗin, ya juya su a hannu, ya ce: "Dala ashirin? Shekara guda ana tara ma bawa dala ashirin? Madrid dai ta talauce." Da na ji zagin nan sai na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Daga baya fadarmu ta yi wasu ƙa'idoji, ba a rubuce ba, kuma ba ni kaɗai na jawo su ba. Ta farko ita ce wadda na karya: kulob, koci, ɗan wasa, shugaban kulob, duk halal ne. Iyaye, mata, aljihu, karatu, sana'a da lafiyar jiki ba sa shiga. Ta biyu, wanda ya yi tsokana ranar da ya ci dole ya zo fada ranar da aka ci shi. Akwai wani ɗan Chelsea da ya fi kowa baki, amma duk ranar da suka faɗi sai wayarsa ta mutu, shi ma ya ɓace. Aka daina amsa mishi, in ya yi magana a yi kamar iska ce ta wuce, har ya gane ya fara zuwa karɓar rabonsa. Ta uku, ba a sa kuɗi. Mun ga yadda jika guda ta raba wasu abokai biyu a wata fada. Wanda aka ci kulob ɗinsa kunyar aro ce a kansa, amma wanda aka ci jikarsa asara ce tasa ta kansa, in ka yi mishi dariya a lokacin ba Barsa kake yi wa ba. Iyakar abin da muka yarda da shi, wanda ya faɗi shi ke sayen sukari, kuma da shi za a sha.

Ba zan ce ƙa'idojin sun gama magana ba. Akwai daren da mutum ya zo da nasa ɓacin ran daga gida, ko maganar koci ma sai ta tayar da shi. Babu dokar da za ta gaya maka wannan, sai ka dubi fuska. Shi ya sa tsokanar da ake turawa a waya ta fi saurin lalacewa: ba ka ganin lokacin da mutum ya ajiye kofi.

Littafin bashinmu ni da taubashina yana nan a buɗe. Ranar 20 ga Maris 2022 Barsa ta zo har Bernabéu ta ba mu huɗu da nema, Aubameyang ya ci biyu. Ina Maraɗi lokacin. Da asuba waya ta yi ƙara, na ɗauka, ba sallama, sai ƙarar tsintsiya sau huɗu, aka kashe. Ranar 5 ga Afrilu 2023, cikin azumi, muka je Camp Nou muka mayar da huɗun cif a kofin Sarki, Benzema ya ci uku. Na aika mishi dabino huɗu ta hannun wani direba, na ce a gaya mishi na buɗa-baki ne. Ranar 26 ga Oktoba 2024 suka sake zuwa gidanmu suka yi huɗu. Wannan karon bai kira ba. Kwana biyu ina jira, har na fara tsorata ko wani abu ya faru. Ashe jira yake in zo gida. Na sauka daga mota a Cake na tarar da yara huɗu a jere a bakin hanya, kowanne da tsintsiya, shi kuma yana zaune bisa babur, nasa na kansa yanzu, yana ba su umarni.

In ya taso da maganar, nakan tuna mishi kofin Zakarun Turai muna da 15, suna da 5. Yakan ce tarihi abincin wanda bai ci yau ba ne. Takwas da biyu ma ina faɗa mishi har gobe, shi ma yana dariya, don ta Lizbon ce. Ɗaya takwas ɗin ban sake ambata ba. Shi ne wani lokaci yake kawo ta da kansa, in hira ta kai kofi na uku, ya ce da takwas ɗinsa ya riga ni sayen babur. Nakan ce gaskiya ne, bawana, in miƙa mishi kofi.